Kallo kai tsaye ko saukewa cikin waya: wanne ya fi cin mega?

A ce ƙanenka da ke Yamai ya ɗora bidiyon bikin gidanku a Google Drive ya turo maka mahaɗi ta WhatsApp, ko kuwa kai da kanka ka tara waƙoƙi da karatun malamai a can don wayarka ta cika. Duk lokacin da ka buɗe, hanya biyu ce a gabanka: ka danna abin ya fara tafiya kai tsaye daga ma'ajiyar intanet, ko ka sauke shi cikin waya tukuna. Mutane da yawa a nan Maradi sun ɗauka saukewa ce ke cinye forfe, kallo kai tsaye kuwa kamar leƙe ne kawai. Ba haka lissafin yake ba. A hanyoyin biyu duka, sai abin ya biyo ta rezo ya shigo wayarka, kuma kamfanin waya yana ƙirga kowane mega da ya wuce. Bambancin shi ne a ɗaya wayar tana ajiyewa, a ɗayan tana zubarwa bayan ka gani.

Ga ma'aunan da zan bi: yawan megan da kowace hanya ke ci da kuɗinsu, ko abin zai daɗe a hannunka, sauƙin amfani idan rezo ya yi rauni ko kuran ya tafi, sai kuma haɗarin asara. Na farkon ya fi sauran nauyi, don haka a kansa zan fi daɗewa. Domin lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauka giga ɗaya, wato mega 1000, ya tsaya maka a jika ɗaya. Wannan misali ne kawai. Farashin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms ya bambanta, yana kuma canzawa da irin forfen da ka saya. Ka raba kuɗin forfenka da yawan megan da ke ciki ka samu naka. A misalinmu dai, mega biyar dala ɗaya ce. A allon wayar da ke cikin Faransanci, mega shi ne Mo, giga kuma Go.

Sauti: ji na farko kuɗi ɗaya ne

Nauyin waƙa ko wa'azi ya dogara da tsawonsa da kuma ingancin da aka matse shi da shi, wanda ake rubutawa da lamba da kbps a bayanta. Ka ninka wannan lamba da 0,45, za ka samu megan da awa ɗaya ke ci. Fayil mai 64 kbps, irin wanda ya wadatar wa magana, yana cin kusan mega 29 a awa. Mai 128 kbps, wanda yawancin waƙoƙin da ke yawo a wayoyi suke da shi, kusan mega 58. Mai 320 kbps kuwa mega 144.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne Google Drive ba ya rage nauyin fayil ɗin sauti idan ka saurare shi kai tsaye. Ainihin fayil ɗin yake turo maka. Idan waƙa mega huɗu ce, ko ka saurara ko ka sauke, mega huɗun nan za ka biya. A ji na biyu ne hanyoyin suke rabuwa: wanda ya sauke ba ya ƙara biyan ko dala, wanda ke ji kai tsaye kuwa yakan sake biya. Wani lokaci manhajar tana riƙe abin da ka ji kwanan nan a ma'ajiyarta ta wucin gadi, sai ka sake ji ba tare da ta jawo sabo ba, amma wannan ba abin dogaro ba ne, domin da wuri ya yi ƙaranci ko ka danna manhajar share shara, ya tafi.

Mu ɗauki tela a Babbar Kasuwa da ke da waƙoƙi 50 da yake so, kowace minti huɗu, a 128 kbps. Kowace waƙa kusan mega 3,8 ce, duka sun kama mega 190 da ɗoriya, sauraren awa uku da minti 20. Idan ya sauke su sau ɗaya, ya kashe abin da bai kai dala 40 ba, an gama. Idan kuwa kullum yana kunna su daga Drive, kwana 26 na aiki a wata, mega kusan 5000 za su tafi, jika biyar ke nan a kan waƙoƙin da ya riga ya haddace. A nan babu wata gardama, duk sautin da za ka ji fiye da sau ɗaya ka sauke shi.

Inda saurare kai tsaye ke da amfani a sauti wuri ɗaya ne: ɗanɗano. An turo maka tafsiri na kwana 30, kowanne awa ɗaya a 64 kbps, jimilla kusan mega 870. Ba ka san ko muryar ta fito da kyau ba, ko ma shi ne malamin da kake nema. Ka buɗe ɗaya ka ji minti biyu ko uku. Wayar takan jawo abin da ke gaba kaɗan fiye da inda kake, amma duk da haka asarar ba za ta wuce ƴan mega ba. Idan ya yi maka, sai ka sauke sauran.

Bidiyo: nan lissafin ke juyewa

Idan aka ɗora bidiyo a Google Drive, ma'ajiyar tana ajiye ainihin fayil ɗin, sannan ta yi masa wasu kwafi masu sauƙin nauyi don kallo kai tsaye, irin su 360p, 720p, har zuwa 1080p idan asalin ya kai. Shi ya sa sabon bidiyo wani lokaci yake ƙin buɗewa, ya ce ana kan sarrafa shi. Mai kallo kai tsaye ɗaya daga cikin waɗannan kwafin yake samu. Mai saukewa kuwa ainihin fayil ɗin ake ba shi, da duk nauyinsa. Kuma asalin yakan yi nauyi ƙwarai: wayar da ke ɗaukar hoto a 1080p tana iya cika mega 100 ko fiye a minti ɗaya.

Kallo a 360p yakan ci wajen mega huɗu zuwa biyar a minti, 720p wajen mega 15 zuwa 18, 1080p kuma ya haura mega 30. Waɗannan ƙiyasi ne, domin hoton da ke da motsi da yawa, kamar rawa ko ƙwallo, ya fi cin mega a kan malami da ke zaune wuri ɗaya yana karatu.

Koma ga bidiyon bikin. A ce minti 40 ne, mai ɗaukar hoto ya fitar da shi da nauyin mega 2400. Saukewa jika biyu da dala 80. Kallo sau ɗaya a 360p kusan mega 200, dala 40. Kallo a 720p kusan mega 700, dala 140. Idan kai kaɗai ne kuma sau ɗaya ko biyu za ka gani, kallo kai tsaye a 360p ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai ka kalle shi sau 12 kafin ka kamo kuɗin saukewa. A 720p kuwa, a kallo na huɗu ka riga ka wuce.

Sai dai bidiyon biki ba na mutum ɗaya ba ne. Hajiya za ta gani, amarya za ta gani sau ba adadi, gwaggo za ta zo daga Tibiri ta ce a nuna mata, maƙwabta su ma. Idan wayoyi goma suka kalla sau ɗaya kowace a 360p, gidan ya kashe mega 2000, kuma babu wanda ke da bidiyon a hannu, hoton ma dushi-dushi. Da mutum ɗaya ya sauke ya rarraba wa sauran ta Xender ko Quick Share, da kusan kuɗi ɗaya aka kashe, kowa kuma ya samu mai kyau har abada. Waɗannan manhajoji waya zuwa waya suke turawa ta Wi-Fi na kusa, fayil ɗin ba ya bi ta forfe. Kashe datar wayar ma lokacin turin, don tallace-tallacen da ke cikin wasunsu kada su ɗan tsakura.

Akwai hanya ta uku da na fi so a irin wannan hali, kuma ba kasafai ake tunaninta ba. Ka roƙi wanda ya ɗora bidiyon ya yi ƙaramin kwafi tun daga can. Da manhaja irin HandBrake, wadda kyauta ce a kwamfuta, ana iya matse minti 40 ɗin zuwa 480p ya dawo mega 300 zuwa 400. A allon waya da wuya ido ya ga wata babbar tawaya. Sai ya ɗora duka biyun: babban don ajiya, ƙaramin don saukewa. Shi ma mai ɗorawa ya sani cewa ɗorawa tana cin mega daidai da nauyin fayil, don haka mega 2400 ɗin nan an riga an biya su sau ɗaya kafin kowa ya kalla.

Telegram kuma nasa salon daban ne. Bidiyon da ka ajiye wa kanka a can, idan ka danna shi, ainihin fayil ɗin ne yake sauka kana kallo, ya kuma zauna a ma'ajiyar manhajar har zuwa wa'adin da ka sa mata ta share. Wato kallo a can saukewa ce da wani suna. Ka duba nauyin da aka rubuta a jikin bidiyon kafin ka taɓa shi.

Inda mega ke zurarewa ba ka sani ba

Abin mamaki, rezo mai ƙarfi shi ya fi cutar mai kallo kai tsaye. Idan ingancin hoto yana kan Auto, manhajar tana auna saurin layinka ta zaɓi abin da zai iya ɗauka. A tsakiyar gari inda 4G ke da ƙarfi sai ta haye 720p ko 1080p ba ta tambaye ka ba, forfen da ka sa ran zai kai ka sati ya ƙare a yamma ɗaya. Alamar ita ce hoton ya fara da ɗan dushi, bayan ƴan sakan ya washe tas. Da ka ga haka, nemi alamar saiti a jikin bidiyon, ka shiga Qualité ka kafe shi a 360p. Idan manhajar ba ta nuna maka wurin zaɓi ba, gwada buɗe mahaɗin a Chrome.

Na biyu shi ne tsalle-tsalle. Duk lokacin da ka ja bidiyo gaba don neman wurin da aka nuna ka, abin da wayar ta riga ta jawo ya tafi a banza, ta fara jawo sabo. Mai neman fuskarsa a bidiyon biki yana iya kashe fiye da wanda ya zauna ya kalla daga farko.

Saukewa ma tana da nata ramin. Babban fayil da ya katse a kashi 80 cikin ɗari, idan bai yarda ya ci gaba daga inda ya tsaya ba, kusan mega 1900 sun tafi ba ka samu komai ba. Chrome yakan iya ci gaba, amma ba kullum ba. Kafin ka fara, ka tabbata megan da suka rage maka sun fi nauyin fayil ɗin, akwai wuri a waya, batir ma ya cika. Kada ka fara saukar da babban abu kana cikin mota a hanyar Dakoro ko Madarunfa, inda waya ke sauka daga 4G zuwa abin da ya samu. Idan kamfaninka yana da forfen dare mai rahusa, wannan shi ne aikinsa. Shi kaɗai yana iya juya lissafin da muka yi a sama ya koma wajen saukewa. Haka ma idan kana da Wi-Fi a wurin aiki ko a makaranta.

Kana so ka gani da idonka? Shiga Paramètres, ka nemi wurin da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci. Sunansa yana ɗan bambanta tsakanin Tecno, itel, Infinix da Samsung. Rubuta lambar da ke gaban Drive, ka kalli minti biyar, ka dawo ka duba. Ka raba bambancin da biyar, ka samu abin da minti ɗaya ke ci a wayarka da layinka, wanda ya fi duk ƙiyasina daidai.

Dorewa, sauƙi da haɗari

Abin da ke ma'ajiyar intanet ba ya faɗawa ruwa, ɓarawon waya ba ya tafiya da shi. Amma yana da sharuɗɗa. Google yana ba da giga 15 kyauta, kuma Gmail da Google Photos duk a cikinsu suke ci. Idan ya cika, har saƙon imel sai ya daina shigowa. OneDrive giga 5 yake bayarwa, Dropbox giga 2. Google kuma ya ce yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba, ƙa'idar da ta fara aiki a Disamban 2023. Babban haɗarin dai a wurinmu shi ne mantuwar kalmar sirri, musamman ga wanda a shago aka buɗe masa asusu kuma layin da aka yi rajista da shi ya ɓace. Idan kuwa fayil ɗin a asusun wani yake, ranar da ya goge shi ko ya rufe mahaɗin, kai ma ka rasa.

Abin da ka sauke naka ne, yana aiki a ƙauye, a gona, a cikin mota, ba ya neman rezo. Yana kuma sauƙaƙa wa batir, domin kallo kai tsaye yana sa wayar ta yi ta magana da eriya, abin da ke ƙara mata zafi da cin caji, balle a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke tsananta kuma kuran ke yawan tafiya. Rauninsa wuri ne. Waya mai giga 32, bayan tsarin wayar da WhatsApp sun ci nasu, abin da ya rage ba ya da yawa. Katin memori yana magance wannan, amma a yi hattara da na jabu: an rubuta giga 64 a jikinsa, wayar ma ta nuna haka, alhali abin da ke ciki bai kai ba. Alamarsa, fayilolin farko suna buɗewa, waɗanda aka zuba daga baya sunansu yana nan amma ba sa tashi. Ka gwada sabon kati ta hanyar cika shi da bidiyo ka buɗe na ƙarshe kafin ka damƙa masa abin da ba ka son rasawa. Katin da bai wuce giga 32 ba kuma yawanci da tsarin FAT32 yake zuwa, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura giga 4.

A cikin manhajar Drive akwai zaɓi biyu masu kama da juna. Télécharger yana sa fayil ɗin cikin wayarka inda VLC ko kowace manhaja za ta gan shi, ka kuma iya tura wa wani. Rendre disponible hors connexion yana ajiye shi ne a cikin Drive ɗin, ta can za ka riƙa buɗe shi, kuma idan ka cire asusunka daga wayar ko ka share bayanan manhajar ya tafi. Megan da suke ci ɗaya ne. Don waƙa da bidiyo, na farkon ya fi.

| Ma'auni | Kai tsaye | Saukewa |
|---|---|---|
| Waƙa, ji ɗaya | nauyin fayil | nauyin fayil |
| Waƙa, ji 20 | har ninki 20 | nauyin fayil sau ɗaya |
| Bidiyon minti 40 mai mega 2400 | kusan 200 a 360p, 700 a 720p, kowane kallo | 2400 sau ɗaya |
| Wuri a waya | kaɗan | daidai nauyin fayil |
| Babu rezo | ba ya aiki | yana aiki |
| Raba wa wasu | kowa da megansa | kyauta, waya zuwa waya |
| Babban haɗari | inganci ya haye da kansa, a rufe mahaɗi | katsewa a tsakiya, sata, katin jabu |

Wa ya kamata ya bi wace?

Tela, mai shago, direba da ɗan kabu-kabu, duk mai kunna abu ɗaya kullum, ya sauke, ya zuba a kati. Haka mai haddar Alƙur'ani da ke maimaita sura ɗaya sau da yawa. A wurinsa saurare kai tsaye zubar da kuɗi ne kawai.

Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da aka tura wa bidiyon darasi ya duba nauyinsa tukuna. Idan rubutun allo ne a ciki, 360p ba zai karantu ba, kuma darasi abin komawa ne kafin jarrabawa, don haka mutum ɗaya ya sauke inda akwai Wi-Fi ko da dare, ƴan aji su karɓa a wurinsa, a raba kuɗin idan an so.

Wanda aka turo wa dogon bidiyo da sau ɗaya zai gani, taron siyasa ne ko walimar wani abokin aiki, ya kalla kai tsaye a 360p, ya rufe da zarar ya ga abin da yake nema. Mai ƙaramar waya da kullum ke kukan wuri ya cika shi ma nan ya fi masa, in dai ya kafe ingancin da hannunsa.

Bidiyon aure, suna ko saukar karatu na gidanku kuwa, a yi masa duka biyun: babban ya zauna a Drive a asusun wanda ya san kalmar sirrinsa kuma yake shiga a kai a kai, ƙaramin kwafi ya sauka a waya ɗaya a rarraba. Mai tafiya ƙauye ko fatauci zuwa inda rezo ba shi da tabbas ya sauke abin da zai buƙata tun yana cikin gari, daren da zai tashi, ya kuma sa wayar a yanayin jirgin sama ya buɗe fayil biyu ko uku don ya tabbata sun sauka cikakku.